Ranar da Sanƙira Ya Koyi Ladabi

Su goma sha tara ne a kamfanin Hasken Gulbi, kuma in ka tara su ka tambayi wanda ya fi kowa surutu, ba wanda zai nuna ɗan Adam. Sanƙira za su ce maka. Shi kuwa Sanƙiran nan ba shi da baki, ba shi da rawani, wata 'yar ƙa'ida ce da Rahama ta ɗaura a cikin manhajar da suke rubuta ayyukansu.

Aikin kamfanin kula da kayan sola ne, famfunan burtsatse da firjin allurar rigakafi na ƙananan asibitoci, daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi. Ofishin yana Ƙaura, ɗaki biyu da sito. Rahama ce mai rarraba ayyuka. In an bugo waya an ce wani abu ya lalace, ita ke buɗe masa kati a allon manhaja, ta rubuta wurin, ta zaɓi matsayinsa, na gaggawa ne ko na yau da kullum, sannan a sa sunan wanda zai riƙe shi.

Matsalar ita ce ba kowa ke leƙa allon ba. Hirar guruf ɗin ma'aikata ta waya kuwa, ko mutum yana bisa tsani sai ya leƙa. Bara wani famfo ya yi kwana tara a kwance a wani ƙauye kusa da Katuru, mutum biyu kowanne yana zaton ɗayan ne ke da aikin, mata suna tafiyar awa guda neman ruwa. Abin ya tsaya wa Rahama a rai. Ta yi mako biyu tana karatu da gwaji, ta fito da ƙa'idarta. Abu biyu ne ke tayar da ita: in an buɗe sabon kati, ko in an canza sunan mai riƙe da kati. Da ta tashi sai ta duba matsayin katin. In ba na gaggawa ba ne, ta yi shiru abinta. In na gaggawa ne, ta jefa saƙo cikin guruf da sunan aikin, da wurin, da wanda yake hannunsa, ta kuma ambace shi yadda wayarsa za ta yi ƙara.

Ranar da saƙon farko ya faɗo, Zulai mai kula da sito ta yi guɗa, ta ce an naɗa musu sanƙira mai shela kamar na fada. Sunan ya bi shi. Rahama ta yi ta cewa ba wani abu ba ne, amma ƙarya take yi, ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba don daɗi. Yarinyar da aka ɗauka don amsa waya, ga shi ta sa na'ura tana yi wa manya kiran sunaye.

Wata biyu abin yana tafiya sumul. Sai aka zo kan Baba Namadi.

Baba Namadi shi ne babba a masu gyara, mazaunin Zurmi, kuma duk firjin da ke ƙananan hukumomin nan uku ya san hannunsa. Shekarunsa sun haura sittin. Aminin marigayi mahaifin Rahama ne, shi ya riƙo hannunta ya kawo ta wurin manaja Abbati ya ce, "Ga ɗiyata, in ta yi ba daidai ba ni za ka tuhuma." Mutum ne mai raha, amma akwai wurin da ba a taɓa masa, shi ne sunansa a kan aiki.

Wata Laraba aka yi masa rasuwa, ƙanwarsa. Akwai katin gaggawa a hannunsa. Abbati, da kyakkyawar niyya, ya ce kada a dame shi yana zaman makoki, ya shiga allo ya mayar da katin kan Faruku, mai gyaran da ke Shinkafi. Lokacin manaja kaɗai ke da ikon canza suna. Sanƙira kuwa ba ya sanin makoki. Nan take ya yi shela, da kalmomin da Rahama ta rubuta masa da hannunta:

"AN CIRE Namadi daga aikin firji, an ba Faruku."

Haka, da manyan baƙaƙe, ba ko Baba. Ta sa su ne don kada ido ya tsallake, ai kuwa ba idon da ya tsallake. Mutum goma sha tara suka karanta. Baba Namadi ya karanta yana zaune kan tabarmar gaisuwa, ɗan ƙanensa na leƙen wayar ta kafaɗarsa.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da an ba shi haƙuri an wuce wurin. Bayan addu'ar uku ya rubuta layi ɗaya a guruf: "Shekara arba'in ina aiki, ba a taɓa cire ni ba sai da na'ura ta zo." Daga nan bai ƙara cewa uffan a ciki ba.

Magana zarar bunu ce. Rahama ta goge saƙon, amma me gogewa za ta yi wa abin da aka riga aka karanta? Ta kira shi ta yi masa ta'aziyya, ya amsa da kyau. Ta fara ba da haƙuri, ya ce ba komai, da irin muryar da ke nufin akwai komai.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ci mata rai. Ma'aikata suka ɗauki darasi, amma ba wanda take so ba. Ba wanda ke son a yi shelar an cire shi, ba kuma ƙaramin da ke son a yi shelar an ɗauke aikin babba an ba shi. Sai aka koma gidan jiya. Wanda ba zai iya zuwa aiki ba ya kira ɗan'uwansa a waya ya ce, "Ka taimaka ka leƙa mini," allo kuwa yana nan da tsohon suna. Abbati kansa ya daina taɓa sunaye, wai kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Rahama takan buɗe tarihin ƙa'idar, inda ake ganin duk lokacin da ta tashi. Mako uku, na sabon kati yana ta tashi, na canjin suna ko sau ɗaya. Ba wai ayyuka ba sa sauya hannu ba, a ɓoye suke sauyawa. Har Zulai ta aika batura Zurmi ga mai sunan da ke allo, alhali wanda ke aikin yana Shinkafi yana jira.

Ranar Alhamis Abbati ya kira ta. Mutum ne mai son zaman lafiya fiye da komai, irin wanda in awaki biyu suna faɗa zai ba su haƙuri.

"Rahama, abin nan naki ya yi amfani, ban musa ba. Amma ya raba min kan mutane. Litinin wurin taro zan kashe shi, mu koma kiran waya."

"Yallaɓai, a ba ni dama in gyara kalmomin."

"Ba kalmomi na ba. Tsoho ya yi hushi, kuma in yana hushi kowa na jin nauyi. Sai Litinin."

Ta koma kujerarta idonta ya ciko. Ba kashe Sanƙira kaɗai ke mata zafi ba. Abin da ta fi alfahari da shi a rayuwarta shi ne ya kunyata mutumin da ya tsaya mata, kuma za a binne shi da wannan sunan.

Asabar da safe ta hau motar Zurmi. Ta iske Baba Namadi a zaurensa ya baje wata tsohuwar fanka yana kwancewa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi mahaifiyarta da ƙannenta ɗaya bayan ɗaya, aka kawo mata fura. Sai da ta sha sannan ta ce, "Baba, zuwa na yi a yi mini faɗa."

Ya yi dariya kaɗan, bai ɗago ba. "Wa za ya yi ma mai na'ura hwaɗa?"

"Ni na rubuta kalmomin nan, Baba, ba na'ura ba. Ita abin da aka ba ta take faɗi."

Ya ajiye sukudireba. Ya dubi ƙofar zaure, ya ce, "Kin san ni reluwe nif fara aiki, can tashar Ƙaura, ina gyaran wuta. Layin dogo guda na, jirgi biyu ba su haɗuwa bisa shi. To akwai wata sanda ta ƙarhe. Direba ba ya shiga layi sai sandar na hannunai. In ya kai tasha ta gaba, ya miƙa ta. Wanda ar riƙe da ita, layi nashi na, kuma kowa ya gani. Shekarun da niy yi can, ɗiyata, ban taɓa ganin an hizge sandar ga hannun mutum ba. Miƙa ta akai."

Rahama ta ajiye kwanon furar.

"Ni ban ƙi a sani ba," in ji shi. "Ko saniya ka saida, sai da shaidu. Amma wanga abu naku, ina zaune anka zo ta bayana anka zare. Da an tambaye ni, ni da kaina zan ce a ba Faruku. Yaron kirki na."

Ta gane a nan cewa Abbati ya yi gaskiya rabi. Ba kalmomi kaɗai ba ne. Ita ta gina abin yadda mai riƙe da aiki ba shi da hannun miƙawa, sai dai a ɗauke masa daga sama.

"Baba, in na sa ya zama kai ne za ka miƙa da hannunka fa?"

"Ke dai sha hurarki," ya ce, ya koma kan fankarsa. Amma da ta roƙi ya ba ta wayarsa ta nuna masa inda ake taɓa sunan mai aiki, bai hana ba, kuma ta lura yana kallo ta gefen tabarau.

Lahadi ta kira Abbati ta nemi izinin buɗe wa masu gyara ikon canza suna a kan katin da ke hannunsu. Ya ce ta yi abin da take so, gobe dai gobe ce. Ta zauna da kwamfuta a tsakar gida. Ta raba saƙon gida biyu. In wanda ya yi canjin shi ne mai riƙe da katin, Sanƙira zai ce wane ya damƙa wa wane. In ofis ne ya yi, zai ce ofis ya roƙi wane ya karɓi aikin a madadin wane. Ta ƙara wani gurbi da dole a cike kafin canjin ya shiga, inda mai miƙawa zai rubuta abin da ya sani game da aikin, kuma saƙon ya ɗauko shi. Ta bi sunayen da ke fitowa ta gyara su yadda ake kiran mutane a baki, Baba ya koma Baba, Malam ya koma Malam. Ba ta yarda ta yi gwaji a guruf ɗin jama'a ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Ta buɗe wani guruf da ita kaɗai ce a ciki, ta juya saƙon can, ta ƙirƙiri katin ƙarya ta yi ta miƙa wa kanta har ta tabbata kowane reshe yana faɗin abin da ya dace. Sannan ta mayar da shi guruf na gaske, ta rubuta wa kowa bayani a taƙaice. Mutum biyu suka sa alamar babban yatsa. Babu Baba Namadi a cikinsu.

Litinin aka tashi da laka ko'ina, don an kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bakwai da rabi wayar ofis ta yi ƙara. Malama Asiya ce, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti a ƙauyen da ke gaba da Katuru. Firjinta ya tsaya, ga alama tun Asabar. Irin firjin nan yana riƙe sanyi kwana biyu zuwa uku ko injinsa bai tashi ba, amma ma'aunin zafin cikinsa ya riga ya kai bakwai, kuma in ya wuce takwas ya daɗe a can, allurar yaran ƙauyuka shida ta shiga haɗari. Ta ce ta riga ta kira Baba Namadi da sassafe, ya yi mata tambayoyi, suna cikin magana layin ya yanke.

Rahama ta buɗe kati, ta sa gaggawa, ta sa sunan Baba Namadi, domin firji nasa ne. Sanƙira ya yi shelarsa, watakila ta ƙarshe. Ta kira Baba, ba ta shiga. Ta kira gidansa, aka ce tun jiya ya tafi Gurbin Ɓore duba wani famfo, can ya kwana. Ta san akwai koramar da ke kan hanyar ƙauyen da famfon yake, in ta cika ba mai ƙetare ta da babur sai ta janye. Ta san kuma sabis a can sai an yi sa'a.

Ta kira Faruku. Ya ce yana ɗaure kaya a babur, zai tafi wankin faifan sola a wani ƙauye, in ya shiga can ba a samunsa sai la'asar.

"Ka dakata, watakila a bukace ka wurin firjin Malama Asiya."

"Firjin da ke da sunan Baba?" in ji Faruku. "Rahama, ki rufa min asiri. Wancan karon har yau ban iya haɗa ido da shi ba. Kuma ni ban taɓa buɗe firji ni kaɗai ba, wancan ma da abokin aiki muka je, ban san mi zan ɗauka ba. Zan jira zuwa goma, daga nan rana ta yi."

Tara aka zauna taro, Abbati da Rahama da Zulai da masu gyara uku na Ƙaura. Rahama ta faɗi halin da ake ciki. Abbati ya shafa gemu ya ce Baba ai yana hanya, in ya iso Ƙaura zai ɗauki abin da yake so a sito ya wuce.

"In kuma korama ta tare shi fa, Yallaɓai?"

"To in mayar da katin kan Faruku?" Ya faɗa yana kallon kwamfutar kamar garwashi ce.

Zulai ta ce, "Ko an mayar, mi zan aika? Sito cike yake, ba ni san abin da ya lalace ba. Baba kaɗai ya ji bayanin. Motar Shinkafi kuma in ta cika ta tashi, ta gaba sai bayan azahar."

Rahama ta sake kiran Malama Asiya ko za ta maimaita abin da ta gaya wa Baba, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka, da alama tana kan marasa lafiya. Abbati ya ce a ci gaba da taro ana gwada wayoyin. Aka yi maganar tsani da ya karye, aka yi ta man babur. Rahama ba ta ji ko ɗaya ba, idonta na kan agogon bango. Tara da rabi. Goma saura kwata. Ta yanke a ranta in goma saura biyar ta yi, za ta roƙi Abbati ya yi canjin daga ofis, Faruku ya tafi ko da hannu biyu ne, Baba ya yi fushin da zai yi. Allurar yara ta fi ƙarfin kunyar kowa, ta fi ƙarfin Sanƙira ma.

"Sai magana ta ƙarshe," in ji Abbati, ya juyo da kwamfutar. "Rahama, nuna min inda ake kashe abin nan."

Ta tashi ta zagayo. Ta buɗe shafin ƙa'idoji, ta nuna masa ɗan maɓallin da yatsa. Ya kai hannu.

Wayoyi shida suka yi ƙara a tare.

Zulai ce ta riga kowa dubawa, ta karanta da ƙarfi, tana ja kamar mai shela a bakin fada:

"Baba Namadi ya damƙa wa Faruku aikin gaggawa: firjin asibitin Malama Asiya. Bayanin mai miƙawa: Korama ta tare ni. Jar hitila na ƙibtawa sau biyu-biyu, fankar bayan injin ce ta ci wuta. Zulai ki aika ƙaramar fanka mai waya biyu, tana kwali na uku. Faruku ka kashe makunnin sola kahin ka taɓa komi. Ka iya, na ga hannunka. Na miƙa maka sanda."

Ba wanda ya fahimci zancen sanda sai mutum ɗaya, ita kuwa ta juya ta fuskanci bango tana gyara mayafin da bai goce ba.

Daga baya aka ji yadda aka yi. Baba Namadi ya yi ta neman kira bai samu ba. Da ya ga in ma ya samu, sai ya kira mutum uku, Faruku da Zulai da ofis, alhali sabis ɗin ba ya tsayawa minti guda, sai ya zauna ya buɗe katin da ya samu shigowa wayarsa a wani ɗan kamun sabis, ya canza sunan, ya rubuta bayaninsa da yatsa ɗaya. Manhajar ta ajiye canjin tana jiran hanya, don Sanƙira ba ya tashi sai canji ya isa can inda allon yake. Shi ne tsohon ya tattare riga ya hau tsanin tankin famfo, makiyaya na ƙasa suna ta yi masa magiya ya sauko, ya ɗaga wayar sama har ta kama layi ɗaya.

A ofis kuwa kafin Zulai ta rufe baki amsar Faruku ta shigo: "Na karɓa, Baba." Ta zari kwali na uku, ɗaya daga masu gyara ya ɗauke ta a babur, suka cimma motar Shinkafi saura mutum ɗaya ta cika. Abbati ya dubi maɓallin, ya dubi Rahama, ya janye hannunsa a hankali ya rufe kwamfutar.

"Taro ya tashi," ya ce.

Kusan ƙarfe biyu Faruku ya turo hoto a guruf, fanka sabuwa tana juyawa, jar fitilar ta mutu, rana ta fito injin ya ɗauka. Ma'aunin ya tsaya a takwas bai haura ba, zuwa la'asar Malama Asiya ta ce ya fara sauka. Faruku ya yi ta amsa barka kamar wanda aka yi wa haihuwa. Kafin mako ya ƙare tarihin ƙa'idar ya nuna canjin suna sau huɗu, duka masu aikin ne suka miƙa da hannunsu. Ashe da ma abin da ake jira ke nan, a ga babba ya fara.

Laraba Baba Namadi ya shigo ofis, wandonsa da sauran jar laka. Rahama ta miƙe ta gaishe shi. Ya zauna a kujerar baƙi ya karɓi ruwa, ya dube ta sama da ƙasa.

"Sanƙiran naki ya koyi ladabi," ya ce.

"A gidanka ya koya, Baba."

"Amma kurma na ta kunne guda." Ya ciro wayarsa. "Jiya famfon Gurbin Ɓore, ƙaramin aiki anka rubuta shi. Da nig ga tankin ya tsage, na maishe shi na gaggawa. Shiru, bai ce komi ba."

Gaskiyarsa. Katin ba sabo ba ne, ba a kuma canza mai shi ba, matsayinsa kawai aka ɗaga, ita kuwa ba ta sa wannan cikin abubuwan da ke tayar da ƙa'idar ba. Wata uku tana kallon abin ba ta ga ramin ba, ga tsohon da ya yi mako uku yana gaba da shi ya gano cikin kwana biyu. Ta buɗe baki za ta ce za ta duba, ya ɗaga mata hannu. Ya gyara tabarau, ya sunkuya kan wayar yana dannawa da yatsa ɗaya, a hankali, harshensa a gefen baki. Zulai ta leƙo daga sito, Abbati ya fito bakin ƙofarsa.

Wayoyin ofis suka yi ƙara, ta Rahama ta fi kowacce, don ita aka ambata.

"Sabon aikin gaggawa: a koya wa Sanƙira yin magana in an ɗaga matsayin aiki. Wuri: Ƙaura. Mai riƙewa: Injiniya Rahama."

Ba ita ta rubuta Injiniya ba. Ta dubi Abbati, bayan ita shi kaɗai ke da ikon gyara sunanta a manhajar, ya ɗaga kafaɗa ya nuna tsohon da haɓa, wai umarni aka ba shi tun jiya. Tun da ta gina Sanƙira ya kira sunan kowa a kamfanin nan, bai taɓa kiran nata a gaban jama'a ba sai yau.

"Baba," ta ce, "wannan ai bai kai gaggawa ba."

"Ni nis san abin da ad da gaggawa," in ji Baba Namadi, ya mayar da wayar aljihu. "Kin karɓa ko ba ki karɓa ba? Mutane na jira."

Ta share ido da bakin mayafi, ta ɗauki wayarta, ta rubuta a gaban mutum goma sha tara: "Na karɓa, Baba."